Fassara silaid zuwa Hausa: yaya zan yi rubutu ya shiga akwati ba tare da ma'ana ta zube ba?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina aikin wayar da kai a sashen lafiya na wata ƙaramar hukuma a nan Sakkwato. An turo mana silaid arba'in na Turanci da za mu horar da masu rabon maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro na damina, aka ce in mayar da su Hausa. Na fassara, amma rubutun ya cika ya tumbatsa, kwamfuta ta ƙanƙantar da shi har ba ya karantuwa. Ga kuma kalmomin aiki da na rasa ko in bar su da Turanci ko in fassara. Ta ina zan kama?

Amsa: Barka kadai, Malama. Kafin ki taɓa girman rubutu ko ki ja bakin akwati, ki koma kan fassarar kanta, domin a mafi yawan ayyukan da ake kawo mini in gyara, a can cutar take. Ana yawan cewa Hausa ta fi Turanci tsawo. Akwai gaskiya a ciki, amma ba kamar yadda ake zuzutawa ba. Abin da yake kumbura shafi shi ne Hausar da aka ɗora a kan ƙashin Turanci, wadda take bin kowace kalma tana biya mata kuɗin shiga. Idan kika tambayi kanki abin da za ki faɗa wa mai rabon magani da bakinki a ƙofar gida, sau da yawa za ki tarar maganar ta fi ta Turancin gajarta.

Bari in nuna miki da shafi guda, irin wanda ba a rasa shi a tarin da aka ba ki. A ce ga abin da yake kan allo:

```
Administering SPAQ: Key Steps
Confirm eligibility (3–59 months)
Screen for fever and refer if present
Give Day 1 dose under direct observation
Re-dose if child vomits within 30 minutes
Counsel caregiver on Day 2 and 3 doses
```

Layuka biyar ɗin da suke ƙasan take, idan aka ƙirga haruffansu har da guraben da suke tsakanin kalmomi, sun kama 189, kuma babu wanda ya wuce 41. A ce akwatin yana da faɗin santimita 20, hoto yana gefensa, girman rubutu yana lamba 24. Akwati irin wannan yana ɗaukar harafi 44 ko 45 a layi. Wato wanda ya tsara shafin ya auna maganarsa daidai da wurinsa, kowane batu a layi ɗaya.

Ga yadda fassarar farko takan fito, kuma ina zaton taki ba ta yi nisa da wannan ba:

```
Muhimman matakan bayar da maganin SPAQ
Tabbatar da cancantar yaro (daga watanni 3 zuwa watanni 59)
Gudanar da bincike game da zazzaɓi tare da turawa asibiti idan akwai shi
Bayar da maganin rana ta farko a ƙarƙashin kulawa ta kai tsaye
Sake bayar da magani idan yaro ya yi amai a cikin mintuna 30
Bayar da shawara ga mai kula da yaro game da maganin rana ta 2 da ta 3
```

Babu kuskuren nahawu a nan, amma haruffa sun tashi daga 189 zuwa 323. Kowane layi ya karye biyu, biyar sun zama goma. Layin lamba 24 yana cin kusan santimita ɗaya a tsaye, to idan tsayin akwatin santimita bakwai ne, ba yadda za a yi goma su zauna. A nan ne PowerPoint take shiga da nata taimakon da ba a nema ba, ta matse rubutun ya gangaro zuwa wajen lamba 18 ko ƙasa.

Yanzu ki dubi layi na uku. «A ƙarƙashin kulawa ta kai tsaye» magana ce da ba a yin ta a kasuwa, ba a yin ta a asibiti, ba a yin ta a gida. Me ake nufi? Ana nufin kada mai rabo ya miƙa magani ya wuce, ya tsaya yaro ya sha yana gani. To sai a ce haka nan: yaro ya sha a gabanku. Layi na farko ma haka: «cancanta» kalma ce ta neman aiki da takarar zaɓe, alhali abin da ake so mai rabo ya riƙe shi ne wa za a ba, wa ba za a ba ba. Ga yadda ni zan rubuta shafin:

```
Yadda ake ba da SPAQ
Ɗan wata 3 zuwa 59 kaɗai za a ba
Mai zazzaɓi: kar a ba shi, a tura asibiti
Rana ta 1: yaro ya sha a gabanku
Ya yi amai cikin minti 30? A sake ba shi
Nuna wa uwa maganin rana ta 2 da ta 3
```

Haruffa 182 ke nan, ƙasa da na Turancin, kuma mafi tsawon layi 41 ne. Ya zauna a lamba 24 ba a taɓa akwati ba.

Ki lura da inda aka samu ragin, domin wurare kaɗan ne kuma za ki yi ta cin karo da su a sauran shafukan. Turancin ofis yana son mayar da aiki ya zama suna, mai fassara kuma sai ya nemo «gudanar da», «tabbatar da», «aiwatar da», «bayar da» ya jingina wa sunan don ya tsaya da ƙafarsa. Hausa tana da aikatau nata kai tsaye: duba, ba, tura, nuna. Da kin ga «gudanar da bincike» ki gwada «duba», da kin ga «game da» ko «dangane da» ki gwada cire su ki ga ko jimlar ta faɗi. Sannan batun jam'i da lamba: Bahaushe cewa yake wata uku, minti talatin, kwana bakwai. «Watanni 3» da «mintuna 30» ba haramun ba ne, amma tilo ya fi zama a baki kuma ya fi gajarta. Sai sigar umarni da «a», irin «a tura», «a sake ba shi». Harafi ɗaya ne, kuma yana raba ki da rigimar ka ko ki. Na sa «gabanku» maimakon «gabanka» saboda wannan dalilin, ga shi kuma masu rabon galibi bibbiyu suke tafiya.

A layi na biyu na ƙara abin da Turancin bai furta ba, wato «kar a ba shi». Da gangan na yi. Wanda ya rubuta na Turanci ya ɗauka kowa ya san cewa yaro mai zazzaɓi ba a ba shi wannan magani a ƙofar gida, asibiti ake tura shi a gwada jininsa. Mai rabon da ya fara aiki bana ba lallai ya san haka ba, zai iya ba shi sannan ya ce a kai shi asibiti. Inda rai yake ciki, gajartawa ba ta da hurumi. Gara ki rage ado a wani wuri ki kashe haruffan a nan. Sai dai duk ƙarin da kika yi irin wannan, ki nuna wa jami'in da yake kula da shirin maleriya na ƙaramar hukumarku ya amince, kada fassara ta zama ita take kafa dokar magani.

A layi na biyar kuma na yi akasin haka, na rage. Kalmar Turancin ta haɗa duk wanda yaro yake hannunsa, ko kaka ce, ko goggo, ko abokiyar zaman uwarsa. «Mai kula da yaro» shi ne cikakke, harafi 16, «uwa» kuwa uku. Na zaɓi uwa a kan allo domin babu mai rabon da zai tarar da kaka riƙe da jika ya ce ba zai yi mata bayani ba don allo ya ce uwa. Cikakken bayanin sai ya koma ƙasa, wurin da ake kira `Notes`, inda mai horarwa yake gani shi kaɗai: uwa ko duk wanda yake kula da yaron. Wannan fili na ƙasa ba ya cika, ki yi amfani da shi sosai. A nan ma nake ajiye asalin Turancin kowane shafi, don idan wani mai sa ido ya zo daga Abuja ya tambaya, ga shi nan. Ban yarda da a jera Turanci da Hausa a fuskar shafi ɗaya ba. Wuri ya rabu biyu, rubutu ya ƙanƙance, mai jin Turanci ya karanta nasa, wanda ba ya ji kuma a bar shi da rabin allo.

To, kalmomin aiki. A nan zan daɗe, domin kuskuren tsawo ido yana ganinsa, na kalma kuwa sai an fita fili yake bayyana.

Tambayar da nake yi wa kowace kalma ita ce: bayan an tashi daga horo, a ina wannan mutum zai sake haɗuwa da ita? Idan a jikin fakitin magani ne, ko a katin yaro, ko a takardar ƙidaya da zai cike, to ki bar ta yadda take a rubuce a can, harafi da harafi. SPAQ, SP, AQ da SMC suna cikin wannan sahu. Idan kika fassara su, kin koya wa mutum suna a aji, ya fita ya tarar da wani suna a hannunsa. Abin da za ki yi shi ne ki buɗe musu shafi guda tun da farko, ki sa hoton fakitin, ki ce SPAQ magani biyu ne a haɗe, SP da AQ. Rana ta farko ana shan duka biyun, rana ta biyu da ta uku AQ kaɗai. Daga nan har ƙarshe haruffa huɗu sun ishe ki. Haka SMC: cikakken sunansa da Hausa, rigakafin zazzaɓin cizon sauro na lokacin damina, harafi 48 ne. Sau ɗaya za ki rubuta shi.

Ko wannan «rigakafin» ma ki yi hattara da shi. A kunnen mutanenmu, da an ce rigakafi, allura ko ɗigon foliyo ake tunawa. Wannan kuwa ƙwaya ce da ake narkarwa a ruwa a ba yaro, kuma kariyarta ta kusan wata guda ce, shi ya sa ake maimaitawa. Ga shi tun Disambar 2024 an fara allurar rigakafin maleriya a maƙwabciyarmu Kebbi, don haka yanzu akwai abu biyu da sunan zai iya nufi. Uwar da aka ce mata an yi wa ɗanta rigakafi za ta iya ɗauka an gama, ta ƙi fito da shi wata mai zuwa. Ni «maganin kariya na damina» nake sawa, in bar rigakafi wa allura.

Inda aka fi faɗuwa shi ne kalmomi huɗu da Turancin wannan shiri ya bambanta, Hausar gaggawa kuma take zuba su a kwano ɗaya. A kan allo za ki gan su haka:

```
dose   course   cycle   round
```

Ta farko abin da yaro yake sha a zama ɗaya ne. Ta biyu maganin kwana ukun gaba ɗaya. Ta uku fitar da ake yi kowane wata, da tazarar kwana 28. Ta huɗu kuma duk aikin daminar, wanda a nan yankin yakan zama fita huɗu daga Yuli zuwa Oktoba. Na taɓa zama a bayan wani aji inda aka fassara ta uku da ta huɗu duka da «zagaye». Shafi ɗaya ya ce zagaye huɗu ake yi, wani shafin can gaba ya ce ana yin zagaye ɗaya a shekara. Wani dattijo a sahun gaba ya ɗaga hannu ya ce, «Malam, wanga zagaye, huɗu na ko guda?» Aka yi dariya, amma da bai tambaya ba, rabin ajin da wannan ruɗu za su tafi gida. Laifin kuwa ba na mai horarwa ba ne, mutum biyu ne suka raba shafukan suka fassara ba su zauna tare ba.

Ni ga yadda nake raba su. «Zagaye» na bar wa fitar wata-wata, domin ita ce ma'aikata suke kira haka, kuma ita ce take da lamba a katin yaro: zagaye na 1, na 2, har na 4. Aikin shekarar kuma «rabon damina» ko «rabon bana». Na kwana uku, «maganin kwana 3». Ta farkon ce mai wuya. Wasu suna sa «kashi», kin kuwa san kalmar nan a rubuce tana da ma'ana fiye da ɗaya, har da wadda ba a so a gani kusa da maganar magani da yaro, ga kuma kashi cikin ɗari da yake zuwa a shafukan ƙididdiga. Wasu suna sa «sha», sai «sha ɗaya» da «sha biyu» su koma goma sha ɗaya da goma sha biyu a idon mai karatu. Shi ya sa na kauce wa neman kalma guda, na kira shi da ranarsa: maganin rana ta 1, maganin rana ta 2. Ba kowace kalmar Turanci ce sai an samo mata kishiya ba.

Sai maleriya da zazzaɓi. «Zazzaɓin cizon sauro» kalma uku ce, «maleriya» guda, kuma babu ma'aikacin lafiya ko uwar da ba ta san ta ba. Haɗarin dogon sunan shi ne, idan wuri ya ƙure, hannu yakan yanke shi ya bar «zazzaɓi» kaɗai. A wannan horon kuwa duk darasin ya rataya a kan cewa zafin jiki alama ce, maleriya cuta ce, sai an gwada jini ake sanin ko ita ce. Don haka ki tsayar: zazzaɓi na zafin jiki, maleriya na cutar, kada su yi musanya ko sau ɗaya. Na san a nan da yawa masassara suke cewa. Ki rubuta daidaitacciyar Hausa a allo, domin shafukan za su iya zuwa Zamfara ko Katsina gobe, mai horarwa kuma ya yi Sakkwatancinsa da baki, ya ce masassara, ya ce ɗiya, ya ce biyat. A shafin kalmomi ki sa su kusa da juna: zazzaɓi ko masassara.

Alamomin lissafi ma kalmomin aiki ne. Fakitin maganin iri biyu ne, na ƙanana da na manya, kuma a Turanci za ki ga an rubuta `3–<12` da `12–59`. Wannan ƙaramar alama mai kama da bakin tsuntsu ba kowa ya san inda take fuskanta ba, daga nesa ma ba a ganinta. Ki rubuta «wata 3 zuwa 11» da «wata 12 zuwa 59». A bayanin ƙasa ki ƙara da yadda uwa take ƙirga shekaru, wato wanda bai cika shekara ba, da wanda ya cika shekara amma bai cika biyar ba. Babu uwar da za ta ce miki ɗanta yana wata hamsin da tara.

Duk wannan shawarar da kika yanke, ki rubuta ta kafin ki ci gaba. Ki buɗe Excel, ki yi jeri: kalmar Turanci, Hausar da kika zaɓa, da wadda kika haramta. Kalma ashirin ko talatin ne za su fito daga shafi arba'in. A wannan fayil ɗin kuma ki yi fassarar kanta, ba a cikin PowerPoint ba, domin idan kina ganin akwati yana cika, hankalinki zai koma kan akwatin ya bar maganar. Lambar shafi a rukunin A, Turanci a B, Hausa a C, a D kuma ki sa wannan ki ja shi ƙasa:

```
=IF(LEN(C2)>45,"rage","")
```

Duk layin da ya wuce 45 zai nuna miki kansa. Lambar 45 ɗin ta misalina ce. Taki ki same ta da ƙirga haruffan layin da ya cika akwatinki daga gefe zuwa gefe. Idan za ki kwaso Turancin, `View` sannan `Outline View` yana sauƙaƙa aiki, amma ki sani take da babban akwati kaɗai yake nunawa. Rubutun da yake cikin jadawali, da ƙananan akwatuna, da zanen kibiyoyi ba ya fitowa a can, sai kin bi su ɗaya-ɗaya. Wanda yake manne a jikin hoto kuwa ba ya gyaruwa sam, sai dai ki rufe shi da farin akwati ki rubuta Hausar a kai.

Bayan duk wannan, za a samu shafukan da suka ƙi. Gaskiya ce, akwai inda Hausa take buƙatar wuri fiye da Turanci, musamman jerin sharuɗɗa irin na yaran da ba a ba maganin, da kanun jadawali, da ƙananan akwatunan zanen «idan e, idan a'a». A nan ne za ki taɓa tsarin shafin. Abu na farko, ki hana kwamfuta yanke miki hukunci: danna dama a bakin akwati, `Format Shape`, `Text Options`, `Text Box`, ki zaɓi `Do not Autofit` a maimakon `Shrink text on overflow`. Rubutu zai zubo waje, kuma haka ake so, domin abin da ya zubo kina ganinsa ki gyara, abin da aka matse a ɓoye kuwa sai ranar horo za ki gane shafi na 12 yana lamba 24, na 13 yana 16. Idan kika yi wannan a `Slide Master`, zai bi duk shafukan da suke bin tsarinsa.

Daga nan ki fara da rage hoto ko matsar da shi, ki faɗaɗa akwati. Faɗin shafin zamani santimita 33.87 ne, tsayinsa 19.05, kuma masu tsara shafukan ƙungiyoyi suna barin fili da yawa a banza. Idan bai isa ba, ki raba shafin biyu. Babu wanda ya taɓa yin ƙorafin an nuna masa shafi arba'in da shida a maimakon arba'in, in dai yana iya karantawa. Sai dai idan akwai littafin jagoran mai horarwa da yake cewa «duba shafi na 14», raba shafi zai gusar da duk lambobin da suke gaba. Ki rubuta 14a da 14b da hannu a kusurwa, ko ki gyara littafin. Tazarar layi ana iya rage ta kaɗan, zuwa 0.9, ba ƙasa da haka ba, don kada ƙugiyoyin haruffanmu su riƙa taɓa layin sama. Rage girman rubutu shi ne na ƙarshe, kuma ni ba na sauka ƙasa da 20 a jikin shafi.

Dalilina na tsayawa a 20 ya shafi Hausa musamman. Rubutun lamba 24, idan majigi ya haska hoto mai tsayin mita ɗaya da 'yan kai a bango, ƙananan haruffansa ba su wuce santimita biyu da rabi zuwa uku ba. Ƙugiyar da ta raba ɗ da d, ko ƙ da k, ɗan yanki ne na wannan. Ita take fara ɓacewa. Ki haɗa da irin ɗakunan da muke horo a ciki, hasken ranar Sakkwato yana shigowa ta taga ba labule, bango ba fari tas ba, mahalarta da yawa kuma masu karatun boko ne a hankali, wasunsu dattawa. A irin wannan ɗaki baƙi da baki, ƙafa da kafa, duk ɗaya suke komawa daga sahu na biyar.

Tunda mun zo kan ƙugiya: kada ki yarda da samfurin haruffan da shafukan suka zo da shi sai kin gwada. Ki rubuta wannan a take da kuma cikin akwati, da kauri da ba kauri:

```
Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ ɓaɓɓake ɗaɗɗaure ƙaƙƙarfa
```

Ki matso da ido. Idan samfurin ba shi da waɗannan haruffa, kwamfuta takan aro su daga wani, sai ki ga ƙ ta fi maƙwabtanta siranta ko tsawo, kamar baƙuwa a cikin dangi. A wata kwamfutar kuma ɗan akwati ne zai fito a gurbinta. Arial na Windows na yanzu yana da su, Noto Sans da Andika ma suna da su kuma kyauta ne. Idan za ki sauya, `Replace Fonts` a ƙarƙashin `Home` da `Replace` zai sauya duka a lokaci guda. Ki yi wannan kafin ki fara daidaita akwatuna, domin kowane samfuri da faɗinsa, Arial ya fi Calibri cin wuri, kuma sauyawa daga baya zai rushe duk abin da kika jera. Idan take an tsara shi da manyan baƙaƙe zalla, ki kashe wannan, suna cin wuri kuma sun fi wuyar karatu.

Wani ƙaramin abu mai ban haushi: da kin rubuta 'yan ko 'ya'ya, PowerPoint takan juya alamar farko ta koma ta buɗe zance. Ana kashe wannan a `AutoCorrect Options`, shafin `AutoFormat As You Type`, a cire alamar da take kan `"Straight quotes" with "smart quotes"`. Mu a Nijeriya 'y muke rubutawa. Idan kin ga ƴ a wata takarda da ta shigo ta Illela, rubutun Nijar ne, daidai ne a can, amma kada ki gauraya su a fayil ɗaya. Kuma duk matsin wuri, kada ki nemi sauƙi ta hanyar manne kalmomi irin na saƙon waya, «zaa» da «akai» da «bashi». Layinmu na biyu ma shaida ne: «kar a ba shi» daban, «kar a bashi» kuma ya koma maganar rance.

Idan kin gama, ki samu mutum biyu cikin waɗanda za a horar, ba abokan ofis masu jin Turanci ba. Ki haska shafukan a ɗakin da za a yi horon, da rana, ki zaunar da su a sahun ƙarshe. Kada ki tambaye su ko sun gane, za su ce sun gane don kunya. Ki ce ɗaya ya karanta da ƙarfi, ɗayan ya faɗa miki abin da zai yi idan ya shiga gida ya tarar da ɗan wata goma jikinsa da zafi. Inda mai karatu ya yi tuntuɓe, ko girman rubutu ne ko kalmar ce. Inda mai amsa ya kauce, fassarar ce, ki koma jerinki na Excel ki gyara kalmar a duk inda ta fito.

Ranar horo kuma ba lallai kwamfutarki ce za a jona da majigi ba. Ki shiga `File`, `Options`, `Save`, ki sa alama a `Embed fonts in the file` don samfurin haruffan ya bi fayil ɗin, sannan ki fitar da kwafi na PDF ki ajiye a filashi da wayarki. PDF ba ya nuna motsin da aka sa wa rubutu, don haka shafin da aka tsara amsa ta fito bayan tambaya, ki raba shi biyu kafin ki fitar, in ba haka ba amsar za ta bayyana tare da tambayarta.